Wig ɗinki na 613 ba shi da laifi, tushe ne babu

1/
Gashin da aka rina da launi mai haske, ko na kanki ne ko wig, wuri ɗaya ido ke fara dubawa: tsaga. In launin ya tashi daga baƙi ya faɗa ruwan zuma kai tsaye kamar an ja layi da rula, kowa zai gane rini ne, kuma rinin da bai zauna ba. Ni sana'ata ke nan, gyaran gashi da rina wig, kuma yau zan warware muku dabaru biyu da ke goge wannan layin: shado-rut da kala-melt. Zaren zai yi tsawo, ku ajiye shi.

2/
Mu fara raba su, don ana yawan haɗa su. Shado-rut shi ne ki sa launi mai duhu a tushen gashi kawai, kamar santimita 2 zuwa 5, ki ja shi ƙasa kaɗan ya ɓace, ya zama kamar inuwa. Kala-melt kuwa launi uku ne ko fiye, daga tushe har baki, kowanne ya narke cikin na ƙasansa yadda ba za ki iya sa yatsa ki ce "nan wannan ya ƙare" ba. Na farko tushe yake gyarawa, na biyu tsawon gashin gaba ɗaya. Aikin da ya fi kyau, biyun ake haɗawa.

3/
Misalin da zan bi da ku shi ne wanda aka fi kawo min: wig na 613, gashin mutum, inci 20, mai firantal. Yarinya ta yi adashi wata da watanni ta saye shi don bikin ƙawa, ta saka a gaban madubi, sai ta ga ya yi mata fari fat a goshi kamar ba kanta ba. Ta cire ta mayar kwali. Wig ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rasa shi ne duhun da ido ya saba gani inda gashi ya haɗu da fata. Girarki baƙa, gashin gefen kunnenki baƙi, sai ga fari ya tsiro a tsakiya.

4/
Kafin a taɓa buroshi, ki san lamba. Masu rini sun jera hasken gashi daga 1 zuwa 10: 1 baƙi wuluk, 10 mafi haske. Gashin yawancinmu yana wajen 1 zuwa 2, shi kuwa 613 yana can wajen 10. A jikin kwalin rini za ki ga lamba da harafi, kamar 5N ko 7G. Lambar haske ce, harafin kuma inda launin ya karkata: N tsaka-tsaki, G ruwan zinare, C jan ƙarfe, A ruwan toka. Wasu kamfanonin lamba suke sawa bayan ɗigo maimakon harafi, don haka ki karanta takardar ciki.

5/
Ƙa'idata ita ce tsakanin launi da maƙwabcinsa kada ya wuce mataki biyu. Shi ya sa a wannan wig ɗin nake zaɓar 5 a tushe, 7 a tsakiya, 9 a baki. Kwastomomi da yawa suna cewa "Anti, baƙi nake so a tushen, irin gashina." Na gane, amma in kika aza 1 a kan 9, duk iya taje shi da za ki yi sai layi ya fito, don babu launin da zai tsaya tsakaninsu. Kuma 5 a kusa da 9, ido baƙi yake ganinsa. Wadda ta dage, sai in ƙara mata 3 a santimita ɗaya na farko kawai.

6/
Yanzu ga abin da ya fi ɓata wig a hannun masu koyo daga bidiyo. Baƙin gashi ba baƙi zalla ba ne a ciki. In aka sa masa bilicin, yana bi ta ja, ya koma ruwan lemo, ya koma rawaya, kafin ya kai fari-fari. Wato 613 gashi ne da aka kwashe masa jan da ruwan lemon gaba ɗaya, aka bar 'yar rawaya. Shi kuwa rinin ruwan ƙasa mai duhu, an haɗa shi ne da tunanin zai tarar da wannan jan a cikin gashi yana jiransa.

7/
To in bai tarar ba fa? Rinin N da na A suna ɗauke da shuɗi a cikinsu. Shuɗi ya hau rawaya, tun firamare mun san sakamakon: kore. Wata ta kawo min wig da aka yi mata a wani shago, tushen ya fito kamar ruwan kududdufi, ba baƙi ba, ba ruwan ƙasa ba. A cikin ɗaki ba a gani sosai, amma tana fita rana sai koren ya bayyana. Tana ta zagin rinin cewa jabu ne. Rinin bai da laifi, 5A aka zuba kai tsaye a kan 613 ba tare da an mayar da jan ba.

8/
Maganin shi ne a fara ciyar da gashin launi mai ɗumi kafin a sa mai duhun. Duk lokacin da za ki sauko da gashin da aka yi wa bilicin fiye da mataki biyu, sai an yi wannan. Ga dabarar da ke rage min aiki: launin tsakiya, wato 7 mai zinare da ɗan jan ƙarfe, shi nake fara shafawa tun daga tushe. Ya zama launin tsakiya, ya kuma zama shimfiɗar da 5 zai kwanta a kai. Saboda haka a 613, kala-melt nake fara yi, shado-rut ya biyo baya. Zagaye biyu ke nan.

9/
Irin rinin kuma, demi nake amfani da shi, wanda ke ajiye launi ba tare da ya ƙara buɗe gashi ba. Ana haɗa shi da dibelofa mai rauni, wanda bai wuce lamba 10 ba, wato kashi 3 cikin 100. Na 20 kashi 6 ne, na 30 kashi 9, na 40 kashi 12, kuma waɗannan na ɗaga launi ne. Gashin 613 ya riga ya sha wuya a masana'anta, babu abin da ya rage a ɗaga. Ki sa masa na 30, bushewa da karyewa kawai za ki ƙara masa.

10/
Gwaji biyu kafin komai. Na farko, ki tabbatar gashin mutum ne. Ki yanko 'yan silli daga ƙeya ki kusantar da ashana. Gashin mutum yana ƙonewa da ƙaurin gashi, ya zama toka mai murmushewa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, kuma irin wannan rinin ba ya kama shi. Na biyu, ki ware ɗan gashi a ƙeya ki gwada launukan uku a kai, ki wanke, ki busar. Jiƙaƙƙen gashi ya fi duhu, don haka sai ya bushe za ki yanke hukunci.

11/
Sai kare les. Les ɗin firantal in ya sha rini mai duhu, ya sha ke nan, kuma duk kyan launin, tsagar za ta zama baƙar hanya a kanki. Ki juya wig ɗin ciki waje, ki shafe les ɗin da jel mai ƙarfi, ki busar da diraya har ya yi tauri, ki ƙara shafi na biyu ki sake busarwa. Wasu basilin suke sawa. Yana karewa, amma in ya tsallaka ya taɓa gashi, wurin ba zai kama rini ba. Daga nan ki ɗora wig ɗin a kan gunkin kai da kika rufe da leda, ki kafe shi da fil.

12/
Zagaye na farko, kwano biyu. A auna da sikelin kicin, kada a yi da ido. Kwanon tsakiya: giram 45 na 7G da giram 15 na 7C. Kwanon baki: giram 40 na 9N da giram 20 na 9G. In kwalin ya ce ɗaya da ɗaya, kowane kwano zai sha giram 60 na dibelofa. In ya ce ɗaya da biyu, 120 ke nan. Kwalin za ki bi, ba ni ba. Sai ki ɗebi cokali uku daga kowane kwano ki haɗa a ƙaramin kwano na uku. Wannan ya zama kamar 8, shi ne gadar da za ta haɗa su.

13/
Ki raba gashin gida huɗu, ki fara daga ƙeya. Kowane yanki da za ki ɗauka kada kaurinsa ya wuce santimita ɗaya da rabi, kuma ki tsaga shi a karkace. Tsagar da ta miƙe daga kunne zuwa kunne ita ke haifar da layi. Ki shafa 7 daga tushe zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon, wato wajen santimita 17 a gashi mai inci 20. Ki shafa 9 daga baki ki hauro sama. Ki bar gurbin yatsa uku a tsakaninsu, nan za ki sa haɗin 8.

14/
A wannan gurbin ne ake narkarwar. Ki riƙe buroshi a tsaye, gefensa yana bin tsawon gashi, ki riƙa ɗan zana 8 ɗin yana shiga cikin 7 a sama, yana shiga 9 a ƙasa. Sannan ki kama wurin tsakanin yatsu biyu, da safar hannu, ki murza sama da ƙasa sau huɗu ko biyar. Ki goge yatsun a tawul kafin ki taɓa bakin gashi, in ba haka ba za ki buga masa tambarin 7. Kowane kwano da buroshinsa, ba a aro.

15/
Kada kowane yanki ya tsaya a wuri ɗaya. Wannan 7 ɗinsa ya tsaya a santimita 15, na kusa da shi a 19, na gaba a 16. In duk suka tsaya daidai, ko kin murza da kyau, idan aka saki gashin za su haɗu su zama ɗamara. A gaban fuska kuma nakan bar hasken ya hauro sama sosai, 7 ya tsaya a santimita 8 zuwa 10, don silin da ke gefen kumatu su haska fuska.

16/
Bakin gashin 613 kamar soso yake, ya fi ko'ina shan rini, kuma in ya sha da yawa sai 9 ya fito kamar 7 mai dusu-dusu. Shi ya sa nake fesa masa ruwa kaɗan kafin in shafa, ya yi laima amma ba ya ɗiga. Lokaci kuma, yawancin demi minti 20 ne, kuma wig ba shi da ɗumin fatar kai da zai taimaka masa, don haka ki ba shi cikakken lokacinsa, ki fara ƙirga daga yanki na ƙarshe. In kina da jinkirin hannu, ki gama rabin baya ki wanke kafin ki shiga gaba.

17/
Masu aiki a hunturu, ku kula. Rinin da ya bushe a kan gashi ya daina aiki, kuma iskar Disamba da Janairu tana busar da shi kafin minti 20 su cika, balle in fanka na kaɗawa. Sakamakon shi ne dabbare-dabbare, wani wuri ya kama, wani bai kama ba. Ki kashe fanka, ki lulluɓa leda sakwa-sakwa ba tare da kin matse launukan sun haɗu ba. Da lokaci ya cika ki wanke da ruwa mai sanyi-sanyi, ki busar sarai. A wannan matakin tushen zai yi ja-ja kamar ruwan shayi. Kada ki tsorata, haka ake so.

18/
Zagaye na biyu, shado-rut. Ki sake shafe les da jel, don wankin ya tafi da na farko. Giram 30 na 5N da dibelofarsa ya isa. A tsakar kai da ƙeya ki shafa santimita 4 zuwa 5. A tsaga ki rage zuwa 3. A layin goshi kuwa santimita ɗaya da rabi zuwa 2 kawai, da ɗan rini a bakin buroshi, kina ɗaga gashin sama kina shafawa daga nesa da les kaɗan. Tushe mai faɗi a goshi yana sa wig ya zama kamar hula.

19/
Bayan kin shafa kowane yanki, ki ɗauki mataji mai ƙananan haƙora ki ja rinin ƙasa santimita 2 zuwa 3, ja ɗaya ko biyu, ki ɗaga hannu a hankali yadda zai ƙare siriri. Ki goge matajin kowane ja. Wannan gogewar ita ce mutane ke raina wa, kuma ita ke raba aiki mai tsabta da mai zane-zanen duhu har tsakiyar gashi. Kada ki taje har baki. Inda kika ja rinin ya yi siriri, zai kama kaɗan, ya fito kamar 6, ya cike tsakanin 5 da 7 da kansa.

20/
Wanki na ƙarshe ma yana iya ɓata komai. Ruwan da ya bi ta kan 5 in ya gangaro kan 9, zai dusashe shi. Ki shafe bakin gashin da kondishina mai kauri tukuna, ki tattara shi ki ɗaga sama da hannu ɗaya, tushen yana ƙasa, ruwa ya bi ta tushen ya zube ba tare da ya ratsa hasken ba. Sai ruwan ya fito garau sannan ki sauke bakin ki wanke duka. Ki bar shi ya sha iska a inuwa.

21/
Yadda za ki gane ko aiki ya yi: ki fita da shi hasken rana, ki ɗauki hoto, ki mayar da hoton baƙi da fari a wayarki. Launi yana ruɗin ido, amma a baƙi da fari duk layin da ya ɓuya sai ya fito. In kin ga ɗamara, ki haɗa launin da ke tsakanin biyun ki shafa a wurin kawai, a tsaye, minti 5 zuwa 10 kina dubawa. In tushen ya yi kore, jan ƙarfe yake nema, ki bi shi da demi mai C a matakinsa. In baki ya yi rawaya da yawa, shamfu mai ruwan hoda-shuɗi, irin na masu farin gashi, zai kwantar da shi cikin 'yan mintuna.

22/
Masu tambaya "a gashin kaina fa?" A nan tushenki ya riga ya yi duhu, don haka aikin juyawa yake: bakin ne za a yi wa bilicin, sannan a sa 4 ko 5 a inda baƙinki ya haɗu da hasken. Amfaninsa a fili yake. Gashi yana tsiro wajen santimita ɗaya a wata, kuma in akwai inuwa a tushe, sabon tsiron zai shige cikinta, ki yi wata biyu ko uku ba ki koma shago ba. Amma daga 2 zuwa 9 tafiya ce mai nisa, ba ta zama ɗaya ba, kuma gashinmu mai murɗiya ya fi saurin bushewa.

23/
Mutum biyu ne ba na yi wa bilicin a kansu, ko nawa za su biya. Mai rilaksa a gashi, don rilaksa ta riga ta raunana shi, bilicin a kai kuma yana iya tsinka shi a hannunki. Sai wadda ta saba sa lalle a ka. Jan lalle yana manne wa gashi sosai, bilicin ba ya fitar da shi da kyau, sai ya tsaya a ruwan lemo mai ƙarfi. Wata amarya ta yi fushi da ni a kan haka, saura kwana biyar biki. Na ce mata, "Ƙanwata, wig in ya lalace kuɗi ne, gashinki in ya zube shekara biyu ce." A wig muka yi mata.

24/
Wannan kuma na lafiya ne, kada a tsallake. Yawancin rinin gashi mai duhu yana ɗauke da sinadarin PPD ko danginsa, kuma shi ne ake yawan samu a baƙin lallen da muke zane da shi a hannu. In baƙin lalle ya taɓa sa miki ƙaiƙayi, ƙuraje ko kumburi, jikinki yana iya ƙin rinin gashi fiye da haka, har fuska ta kumbura. Kada ki sa shi a kanki sai kin ga likita. Sauran kuma ku yi gwajin fata awa 48 kafin rini, yadda takardar kwalin ta nuna, kuma ko wig kike rinawa, safar hannu dole ce.

25/
Demi yana kodewa a hankali da wanki, tushen ne kuma zai fara nunawa, ya koma ja-ja saboda shimfiɗar 7 da ke ƙarƙashinsa. Ba sai an sake duka ba, zagaye na biyu kaɗai za ki maimaita, giram 30 ɗin nan na 5N. Ki rubuta lambobin da giram ɗin a wayarki tun ranar farko don ki samu launi iri ɗaya. Wadda ke da wig a kwali tana shakka, ta turo hotonsa a hasken rana tare da tsawonsa a ƙarƙashin wannan zaren, zan faɗa mata lambobi ukun da za ta nema.